Cikar rumfa daban, ciniki daban

"Maigida, jiya a bajekoli rumfarmu ta cika maƙil, takardun talla duk sun ƙare, amma ko injin sussuka ɗaya ba mu sayar ba. Ina muka kuskure?"

Na hango ka ai. Kana zaune bayan tebur da waya a hannu, duk wanda ya gifta ka miƙa masa takarda. Rabinsu yara ne, yanzu haka an ƙunshe ƙosai da ita.

Gobe ka ja teburin nan gefe, injin ya fito bakin hanya. Ka tanadi masara da totuwarta, wadda ta bushe sosai, domin mai danshi farfashewa take yi ta kunyata mu. Duk rabin awa ka tayar da injin ka zuba kwano biyu ko uku. Ƙarar ce za ta kira mutane, ba sai ka yi shela ba.

To, in sun taru, nan aikin yake. Ka dubi hannuwa. Ɗan kallo kuɗi yake fara tambaya, ya ce kai, ya wuce. Mai saye kuwa sai ya ɗebi tsabar a tafinsa yana neman wadda ta fashe, ya ɗauki totuwa ya ga ko an bar ƙwaya a jikinta, ya tsuguna ya leƙa walda da bel. Shi za ka matsa kusa da shi. Kada ka ce "me kake so?", zai ce kallo yake. Ka ce, "Alhaji, da me kuke sussuka a wajenku?" Manomi ba ya ƙin wannan hira. Daga nan ka ji buhu nawa yake samu, na gonarsa ne kawai ko zai riƙa yi wa mutane a biya shi, sannan akwai wuta ko sai mai fetur. Mai buhu 10 kada ka wahalar da shi, haya ta fi masa, ka gaya masa gaskiya.

Wata shekara na ɓata kusan awa guda da wani mai babbar riga, ya sha lemona ya tafi. Duk lokacin wani dattijo daga wajen Kumo na tsaye da kwanon tsaba a hannu. Da na juyo sai ya ce akwai kayan gyara a Gombe? Ashe ƙungiyar manoma ce ta turo shi, buhu 300 suke haɗawa. Bai biya ranar ba, don sai sun zauna. Na rubuta garinsu, lambarsa, yawan buhu da ranar zamansu. Washegarin zaman na kira, suka ɗauki biyu.

Saboda haka ka zo da littafi. Wanda ya ce kafin kaka yake so, ka yi masa alama da jan biro, shi za mu fara kira cikin kwana uku da tashi. Takarda kuma sai wanda ka rubuta sunansa.