Da me za a san shagonka?

*"Ina da shagon kayan masarufi a Kurna. Mu huɗu ne a layin, kayanmu iri ɗaya. Na sa an rubuta a allona: arha, inganci, gaskiya, saurin sallama. Ciniki bai motsa ba. Wanne zan riƙe?"*

Malam, ko ɗaya. Maƙwabtanka uku ma za su rantse suna da huɗun nan. Wa ka taɓa ji ya ce kayansa ga tsada ga rashin kyau? Abin da kake nema shi ne maganar da uwa za ta faɗa wa yaro in ta aike shi: "Je ka shagon da mudunsa ke cika," ko "wanda ba ya rufewa sai sha ɗaya." In maganar ta fi ƙarfin bakin yaro, ba za ta zaga unguwa ba.

Kada ka ƙirƙiro ta a kanka, kuma kada ka tambayi masu saye, domin kara za su yi maka. Ka sa ido na sati biyu: wa ke tsallake shagon da ya fi kusa da gidansa ya zo naka, kuma me yake saya? A ce ka ga sukari da omo ko'ina ma saye ake, amma manja da man gyaɗa sai a wurinka. To unguwa ta riga ta zaɓa maka: kai ne mai mai tsantsa. Sai ka fito da jarkokin gaba, ka tsaya ga mai kawo maka guda ɗaya da ka yarda da shi, ka bar mace ta sansana kafin a auna mata. In mai kyau ya yanke, ka ce babu. Wannan "babu" ɗin zai ci maka cinikin yini, amma shi ne abin da maƙwabcinka ba zai iya kwaikwaya da fenti da allo ba.

Arha kuwa, kul! Dukkanku a kasuwar Singa kuke sari, kuma mai ɗaukar katan hamsin ba zai saya a farashin mai ɗaukar biyar ba. Ka rage naira hamsin yau, gobe na kusa da kai ya rage ɗari. Daga nan ne fa ɓarnar ke shigowa, kuma na gaji da faɗa: mai shagon da ya ɗaure kansa da arha, ƙarshenta wajen 'yan jabu yake ƙarewa. Manjan da aka zuba wa kala, zumar da rabinta sukari ne, gwangwanin da aka goge ranar lalacewarsa aka buga sabuwa. Wai akwai lambar NAFDAC a jiki! Masu jabun ba su iya buga lamba ba ne? Duk dillalin da ya kawo maka kaya ƙasa da farashin kamfani, ba rasit, ba shagon da za ka same shi gobe, ka sallame shi. Ka murza kwanan watan da ɗan yatsa. In ya goge, mayar masa. Mai sunan "ba algus" kwalba ɗaya ce ke kashe shi, domin matar da miyarta ta ɓaci a gidan suna za ta ba da labari.

*"Atamfa da leshi da mayafi nake sayarwa a gida. Ina tsoron in aka san ni da kayan anko kawai, masu sayen mayafi su guje ni."*

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ba a ce ki daina sayar da komai ba. Wadda ta zo don anko, da mayafi za ta fita. Sai dai ki auna jarinki tukuna: in aka ce turmi talatin kala ɗaya kafin Asabar, za ki iya haɗa su daga Kantin Kwari ba tare da na ƙarshe ya sha bamban ba? In ba za ki iya ba, ki zaɓi ƙaramin alkawari, kamar "atamfarta ba ta zuba." Ki jiƙa ƙyalle daga kowane sabon zane kafin ki nuna wa kowa.

*"In na saka Dubai a sunan shagona, zai jawo mutane?"*

Kayan naka daga Dubai suke? In daga Sabon Gari ka saro su, ajiye kuɗin fentinka.

*"Ina so a san ni da ba da bashi, tunda sauran ba sa bayarwa."*

Ɗana, ka tambaye su dalili. Za a san ka kam, cikin kwana uku, amma waɗanda aka kora daga sauran shagunan ne za su fara isowa. Ka ba wanda ka san gidansa da ranar albashinsa, ka rubuta a littafi, ka yi shiru da bakinka.