Baƙin ɗigo a hoto, kafin ka ce a canza kyamara

Oga, an kawo waya gilashin kyamarar baya ya tsage, hoto na fita dishi-dishi ga baƙin ɗigo a gefe, na goge na goge ya ƙi fita. In canza kyamarar gaba ɗaya ne?

Kai dai akwai gaggawa, ajiye sukundireban nan tukuna. Samo farar takarda ka ɗauke ta hoto a wuri mai haske, ka ɗan matsa gefe ka sake ɗauka. In ɗigon yana nan daram a wuri ɗaya a duka hotunan to ƙura ce ta shiga ciki, ta tsagar nan ta bi, ko ka kwana kana gugar waje ba zai fita ba. Ka gwada 0.5x da 1x da 2x ma, in wayar mai ido da yawa ce, don ka san wace kyamarar ce ke da matsalar.

Sai ka cire fasasshen gilashin. Ɗumama shi kaɗan gam ya saki, manna salatif a kai don ɓarɓashi kar ya zuba ciki, ka ɗaga daga baki-baki da hantsaki, kar tsinin ya taɓa idon kyamarar don in ya karce shi ke nan. Hura iska da bulowar hannu, ban da baki, numfashi danshi ne. Yanzu sake ɗaukar takardar ba gilashi. In ɗigon ya ɓace, hazon ma ya tafi, to gilashi kawai za ka sa sabo, kwastoma ya huta. In yana nan, ƙurar ta wuce can kusa da sensa, kuma buɗe wannan a kan teburin da ƙura ke yawo ƙara ɓarna ne, ni canzawa nake.

Saura fokas. Nuna ta ga rubutu kamar taƙi ɗaya ka taɓa sikirin, sannan ka juya ta ga abu mai nisa ka sake taɓawa, hoton ya kamata ya ɗan lumshe ya washe. Wani siririn naɗin waya ne da maganadisu ke tura idon gaba da baya, faɗuwa ko ɗan tsinin gilashi na iya maƙale shi, sai ka ga kusa tar nesa dishi-dishi, ko akasin haka. Cire kes ɗin wayar in mai maganadisu ne ka sake gwadawa. Ƴar ƙarar kas-kas da kake ji in ka girgiza waya mai OIS, wato abin da ke hana hoto rawa in hannu ya motsa, ba laifi ba ne, amma in hoton na karkarwa shi kaɗai har da ƙugi to ta tafi, tambayi mai ita ko yana ɗaura ta a kan babur, jijjigar injin na kashe su sosai. Wannan ma sai canji, guga ba ta yi masa komai.