Shafi ɗaya, aiki ɗaya: tsara karosel na tara kuɗi a asusu

"Maigida, an ba ni aikin karosel na Instagram, wato jerin hotunan da ake ja ɗaya bayan ɗaya, a kan yadda mutum zai riƙa ajiye naira 200 kullum a asusu. Na yi shafi biyar, amma wanda ya ba ni aikin ya ce rubutu ya cunkushe, ba ya gane inda mataki ya fara da inda ya ƙare. Ta ina zan gyara?"

Ƙanena, rufe manhajar zane ta Canva tukuna, ka ɗauko takarda da biro. Na duba abin da ka turo, matsalar tun daga rabon magana ta faro, launi bai yi laifi ba. A shafinka na uku kaɗai ka ce mutum ya nemi asusu, ya zaɓi lokaci, ya kuma daina sayen lemon kwalba. Aiki uku ke nan a wuri ɗaya, ga shi mai kallo yatsansa na kan gilashi yana jiran ya ja.

Rubuta a layi ɗaya abin da kake so mutum ya yi gobe da safe: ya jefa naira 200 a asusu kafin ya fita daga gida. Duk abin da bai taimaki wannan layin ba, cire shi. Maganar lemo ta fita, wata ɗabi'a ce daban, ta jira nata karosel ɗin. Sannan ka bi mutumin da idon zuciya, ka rubuta abin da hannunsa zai yi bi da bi. Ni idan na bi shi, shafi bakwai nake samu. Instagram ya yarda a sa har 20 tun 2024, da can 10 ne iyaka, amma kada yawan fili ya ja ka. Yawan matakai ne ke yanke yawan shafi.

Na farko ba mataki ba ne, ƙofa ce. Sa sakamakon da lissafinsa: "Naira 200 kullum, naira 18,000 a kwana 90." Ka buga lissafin da kanka kafin ka zana, 200 sau 90, domin kuskuren lamba ɗaya a maganar kuɗi ya isa mutane su daina yarda da sauran shafukan. Kada ka rubuta "sirrin arziki" ko makamancinsa. Abin da asusu zai iya bayarwa shi za ka yi alkawari.

Na biyu ina so ka daɗe a kansa. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya ga karosel bai ja ba, sau da yawa manhajar takan sake nuna masa shi, ta fara daga shafi na biyu. Ke nan akwai wanda da na biyun zai fara haɗuwa. Idan ka rubuta masa "Sai ka zaɓi adadi" kawai, zai ce adadin me? Rubuta: "Mataki na 1: Yanke abin da za ka riƙa sawa a asusu kullum." A ƙasa da ƙaramin rubutu: "Zaɓi kuɗin da ba zai taɓa cefane ba. Idan 200 ta yi nauyi, fara da 100." Ka ga kalmar asusu ta dawo, shafin ya tsaya da ƙafarsa ko babu na farko.

Daga nan tafiya ta miƙe. Mataki na 2, nemi asusun da ba ya buɗuwa cikin sauƙi, na ƙasa wanda sai an fasa, ko na katako da aka buge da ƙusa. Mataki na 3, ɗaura ajiyar a kan abin da kake yi kullum, misali bayan karin kumallo, kafin ka sa takalmi. Mataki na 4, ja layi a kalanda duk ranar da ka saka. Kowane kanu ya fara da aikatau na umarni: yanke, nemi, ɗaura, ja. Ga gwajin da nake yi wa kowane shafi: idan kanun yana da "kuma" ko "sannan" a tsakiya, matakai biyu ne suka shiga riga ɗaya, raba su.

Shafi na shida shi ne wanda almajirai suka fi mantawa, ni kuwa ba na sakin aiki babu shi: ranar da aka tsallake. Mutum zai wayi gari wata rana babu canji a aljihu, ko yaro ya kwana da zazzaɓi. Idan ba ka faɗa masa abin yi ba, zai ɗauka ya karya tsarin, ya watsar. Rubuta: "Mataki na 5: Idan ka tsallake rana, ci gaba gobe da 200 ɗinka. Kada ka ninka." Dalilin hana ninkawa shi ne bashin kwana uku ya zama 600, kuma nauyin 600 ɗin ne ke sa a gudu. Sai dai ka faɗi gaskiyar lissafi a shafin ƙarshe: wanda ya tsallake kwana goma cikin 90 zai fasa ya tarar da 16,000. Shafin ƙarshen ya ɗauki ranar fasawa da roƙo guda ɗaya tak, mai kallo ya adana karosel ɗin ko ya tura wa wanda za su fara tare. Zaɓi ɗaya, kada ka jera huɗu.

Yanzu koma kan zane. Buɗe fili mai faɗin fiksel 1080 da tsayin 1350, duka bakwai girmansu ɗaya, domin siffar shafin farko ce ake yanka sauran a kanta. Lambar mataki ta zauna a kusurwa ɗaya a kowane shafi, kanu a tsayi ɗaya, hoto a wuri ɗaya, ta yadda idan an ja, ido ba zai sake neman inda zai sauka ba. Bar sarari kamar fiksel 100 a kowane gefe, kuma kada ka sa komai mai muhimmanci a kusurwar dama ta sama, nan manhajar ke nuna ƙidayar shafi irin 2/7. A nan ma akwai tarko: shafi na biyu shi ne mataki na 1, saboda haka rubuta kalmar "Mataki" a gaban lambarka don kada ƙidayar biyu su rikita mai karatu. Ni ba na wuce kalma talatin a shafi, kanu da bayani duka. Hoto kuma ya nuna aikin shafin kansa: hannu na tura kuɗi a bakin asusu, biro a kan kalanda. Tulin daloli ba shi da wuri a maganar naira 200.

Sai abin da ya shafe mu masu rubuta Hausa. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Za ka rubuta "kuɗi", ɗ ɗin ta fito da wani salo daban, siririya a tsakiyar haruffa masu kauri, ko ta zama akwati. Na ga hakan a shafinka na biyu. Kafin ka zaɓi salo, buga "ɓera, ɗaki, ƙofa" ko duk abin da ya tara haruffan uku, manya da ƙanana, ka zuba ido. Noto Sans yana da su, fara da shi.

Idan ka gama, tura hotunan zuwa wayarka, ka rage hasken fuskarta, ka miƙa wa wanda bai san aikin ba, ko mai shayin bakin shago. Buɗe masa shafi na huɗu shi kaɗai, ka bar shi daƙiƙa uku, ka karɓe, ka tambaye shi me aka ce ya yi. Idan ya ce "in saka kuɗin bayan na karya", shafin ya wuce. Idan ya ce "maganar tattali ce", koma ka rage rubutu. Yi wa sauran haka, ka kawo mini takardar matakan da yamma mu duba kafin ka aika wa mai aikin.