Shaddata tana sauya kala a hoto: in sayi sabuwar waya?

Tambaya: Malam, ina sayar da shadda da atamfa a Babbar Kasuwar Katsina, ina kuma ɗora hotunan kaya a WhatsApp. Hotunan suna fitowa dishi-dishi, ba kyan gani. Wata mata a Daura ta dawo min da shadda ruwan toka, wai a hoto ruwan ƙasa ta gani. Yaron shagona ya ce in sayi waya mai megafiksil 108. In taɓa jari in saya?

Amsa: Hajiya, ki bar jarinki a inda yake tukuna. Fiksil su ne ƙananan ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, megafiksil ɗaya kuwa fiksil miliyan ɗaya ne, kuma yawansu yana ƙara girman hoto ne da fito da ƙananan zane idan an zuƙo shi. Ba ya gyara kala. Rinin da bai kama ba, ko yadi ɗari aka tsoma, haka zai fito. Waya mai megafiksil 12 tana ɗaukar hoto mai faɗin fiksil kusan 4000, shi kuwa WhatsApp idan an tura hoto yadda aka saba yakan matse shi zuwa wajen 1600. Kin ga ko wanda kike da shi yanzu ba duka ke isa wurin mai saye ba.

Abin da ya mayar da ruwan toka ruwan ƙasa haske ne. Kowane haske yana da kalarsa, ana auna ta da ma'aunin Kelvin. Ƙwan lantarki mai jan haske yana wajen 2700 zuwa 3000, hasken rana tsaka wajen 5500, inuwa kuma takan kai 7000 ko fiye, ta karkata zuwa shuɗi. Idonmu yana daidaita kansa ba mu sani ba, shi ya sa farin yadi yake fari a gare mu a ko'ina. Kyamara kuwa cinka take yi. Takan ɗauka cewa in aka gauraya duk kalolin da ke gabanta za a sami wani abu mai kama da toka, sai ta daidaita hoton a kan haka. Idan yadi ɗaya ya cika hoton gaba ɗaya, ba wani fari a gefe da za ta gwada da shi, sai cinkar ta kuskure. In kuma akwai tamfol shuɗi ko ja a saman rumfa, to hasken da ke ratso shi ya riga ya rina kayan kafin ki danna.

Maganin wannan farar takarda ce, irin wadda ake buga takardu a kanta. Ki ajiye ta a gefen yadin, cikin haske ɗaya da shi, ki ɗauki hoton tana ciki. Sai ki buɗe hoton a Snapseed, manhajar Google ce kuma kyauta ce. Ki shiga White Balance, ki zaɓi alamar nan mai kama da abin ɗiga maganin ido, ki kai ta kan takardar. Abin da kika gaya wa manhajar ke nan: wannan wurin ba shi da kala. A cikin waya kowane ɗigo lamba uku ne, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255, kuma fari ko toka na gaskiya shi ne inda ukun suka zo daidai. A ce a ƙarƙashin ƙwan shagonki takardar ta fito da ja 225, kore 205, shuɗi 165. Shuɗin ya gaza jan da 60, kuma irin wannan giɓin ne ya hau kan shaddar ya mayar da ita ruwan ƙasa. Manhajar za ta rage jan, ta ɗaga shuɗin har ukun su zo kusa da juna, gyaran kuma ya bi hoton baki ɗaya. Bayan nan sai ki yanke gefen da takardar take.

Wani lokaci saura kaɗan yakan rage, hoton ya yi ɗan kore, musamman a ƙarƙashin doguwar fitila ko ƙwai masu araha. Ki ja Tint da ke cikin White Balance kaɗan har takardar ta wanke.

Dishi-dishin kuma wata matsala ce daban. Kafin komai ki goge gilashin kyamarar da tsumma mai laushi. Wayar da ke yini a hannu, ga maiƙon yatsa ga ƙurar hunturu irin ta Katsina, gilashinta yakan watsa haske ya shafe hoton da hazo, kuma mutane da yawa sun sauya waya alhali tsumma suke bukata. Idan an goge bai washe ba, to tazarar da ke tsakanin duhu da hasken hoton ce ta yi kaɗan. Ki shiga Tune Image, ki buɗe ɗan zanen nan mai kamar tudu da ke ƙasa. Hagunsa baƙi ne, damansa fari. A hoton da ya dushe za ki ga tudun ya cure a tsakiya, a ce daga 40 zuwa 200, gefe biyu babu komai: ba baƙi na sosai, ba fari na sosai. Ki ƙara Contrast a hankali, ki fara da 15 ko 20, kina kallon tudun yana buɗewa. Da zarar ya kusa taɓa bango, ki tsaya. In kika wuce nan, ƙyallin shaddar zai zama farin fili, furen da aka saƙa a jikinta ya ɓace, alhali shi mai saye take zuƙowa ta duba. Idan wurin ƙyallin kaɗai ya yi yawa, ki rage Highlights.

Saturation, wato ƙarfin kala, shi ne na ƙarshe, kuma ni a shawarata kar ki wuce 10. Sau da yawa ma in farin ya daidaita, duhu da haske suka rabu, kalar takan dawo da kanta. A nan ne 'yan kasuwa suke cutar kansu. Atamfa ta yi jawur a hoto, saƙonni su yi ta shigowa, kaya ya isa Daura a buɗe leda a ga ba haka ba. Kin biya kuɗin mota zuwa, wataƙila ki biya na dawowa, turmin ya yi kwanaki ba ya shago, matar kuma ta ba ƙawayenta labari. Sayar da abu da kamar da ba tasa ba algus ne, ko da waya aka yi shi. Don haka kafin ki ɗora, ki fito bakin ƙofa, yadin a hannu ɗaya, wayar a ɗayan, ki gwada. Ki tabbata kin kashe abin kare ido na waya, wanda ke mayar da allon rawaya da dare, in ba haka ba za ki yi ta gyaran laifin da ba na hoton ba ne.

Akwai abin da wannan gyaran ba ya iyawa. Hoton da hannu ya girgiza, ko kyamara ba ta kama yadin daidai ba, sai dai a sake ɗauka. Wurin da haske ya ƙone ya kai 255 babu abin da ya rage a cikinsa da za a dawo da shi. Haka in rabin yadin yana hasken ƙofa, rabi yana hasken ƙwai, kin gyara wannan gefen, wancan ya lalace. Ki kashe ƙwan, ki shimfiɗa kayan a inuwar bakin shago da hantsi, nesa da tamfol, kar ki kunna filasha a kan shadda.

Ga mai sayen da ta nuna da gaske take, ki tura mata hoton da HD, ko a matsayin Document don kar a matse shi. Allon wayarta ba lallai ya yi daidai da naki ba, saboda haka ki rubuta sunan kalar a ƙasan hoton, in kalar mai rikitarwa ce kamar ruwan toka da ruwan siminti ki haɗa mata da wanda takardar ke ciki. Ki yi haka na wata guda. Idan kalar ta daidaita amma har yanzu saƙar yadin ba ta fitowa ko a haske mai kyau, lokacin ne za a yi maganar waya, kuma daga riba za a cire kuɗin.