Memori mai 1TB a farashin banza: in saya?

Tambaya: Malam, na ga memori mai 1TB da kuɗinsa bai kai na mai 64GB na asali ba. An saka a waya a gabana, ta nuna 1TB. Akwai kuma iPhone a kwali, rabin kuɗi. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, memorin nan kada ka taɓa shi. Abin da ke cin kuɗi a memori shi ne ɗan guntun da ke riƙe bayanai, ana ce masa NAND, kuma kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera shi a duniya, irin su Samsung, SK Hynix, Micron da Kioxia. Kowa daga hannunsu yake saye. Ribar ɗan kasuwa a kan irin wannan kaya ba ta da yawa, don haka zai iya yi maka ɗan ragi, amma ba zai sayar ƙasa da kuɗin ƙera abin ba. Araha ba ta ado.

Abin da wayar ta nuna ba hujja ba ne. Waya ba ta auna memori, tambayarsa take yi girmansa, ta kuma yarda da amsar. Masu yin jabu sukan ɗauki mai 32GB su canza bayanin da ke cikinsa, ya riƙa cewa shi 1TB ne.

Ka ga inda cutarwar take. Ka zuba bidiyo na 20GB, komai ya buɗe lafiya, ka saki jiki. Ranar da ka haura 32GB, sabon abin da ka saka ko dai ya hau kan tsohon ya goge shi, ko ya tafi a iska. Sunayen fayil suna nan, amma ba sa buɗewa. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin kuɗi ana sake samu, hotunan iyali kuwa sun tafi ke nan.

Gwajin gaskiya shi ne a cika memorin fal sannan a karanta abin da aka rubuta. Manhajar H2testw a Windows aikinta ke nan, a Linux kuma akwai F3. Yakan ɗauki sa'o'i, kuma memorin ya zama babu komai a ciki kafin ka fara. Idan mai kaya ya ƙi yarda ka dawo da shi bayan gwaji, ka haƙura.

Ita kuwa iPhone ɗin, gyararriya ba haramun ba ce muddin an faɗa maka. Shiga Settings, General, About, ka duba Model Number. Idan ya fara da M sabuwa aka sayar da ita, F na nufin Apple ta yi mata kwaskwarima, N kuma wadda Apple ta bayar ce a madadin wadda ta samu matsala. Amma M ba ta hana wani ya canza mata gilashi ko batir daga baya. Sai ka danna *#06# ka gwada lambar shaidar wayar da za ta fito, wato IMEI, da ta jikin kwalin. In sun saɓa, kwalin ba nata ba ne.