ASAP Ba Ya Faɗin Ranar Da Ake Son Aiki

Tambaya: Ina aiki a wani ofishi a Jidda, wasiƙunmu duk da Turanci muke rubutawa. Yaya zan yi amfani da eg, ie, etc da ASAP daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, e.g. na gabatar da misali ne daga cikin abubuwa masu yawa, i.e. kuwa yana fayyace abu guda da ake nufi, kamar yadda muke cewa "wato". Idan ka rubuta wa ma'aikaci ya kawo shaida, e.g. Iqama, wato katin izinin zama a Saudiyya, to fasfo ma zai wadatar, amma idan ka sa i.e., to Iqama kaɗai za a karɓa. Kada ka rufe jerin da ka buɗe da e.g. da etc., wato "da sauransu", domin maimaici ne.

ASAP, wato "da wuri gwargwadon iko", shi ne na fi ƙi, saboda ba ya faɗin lokaci, kuma manya kan ɗauke shi a matsayin umarni. A Saudiyya hutun mako Juma'a da Asabar ne, saboda haka wasiƙar da ta fita da yammacin Alhamis tana iya kwana har Lahadi. Gara ka rubuta rana da ƙarfe nawa kake buƙatar amsa.