Kwamfuta ta ce babu TPM: an ɓoye shi ne ko ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi HP EliteBook 840 G5 ta hannu, zan sa mata Windows 11 sai ta ce babu TPM 2.0. Na buɗe tpm.msc, ya rubuta "Compatible TPM cannot be found". Mai gyara ya ce sai an canja motherboard, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. TPM ɗan guntun na'urar tsaro ne da ke ajiye makullan sirri. Wannan samfurin da TPM 2.0 ya fito daga kamfani, kuma galibi ɓoye shi aka yi a BIOS, Windows kuwa ba ta ganin abin da BIOS bai nuna mata ba.

Kashe ta, ka kunna kana danna F10. Shiga Security, sannan TPM Embedded Security. Idan TPM Device yana kan Hidden, mayar da shi Available, ka sa alama a TPM State, ka adana ka fita. Tana iya tsayawa a baƙin allo tana neman ka danna F1 don amincewa. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: sai su tsorata su kashe ta, canjin ya tashi a banza.

Da ta shiga Windows, buɗe PowerShell a matsayin Administrator ka rubuta:

```
Get-Tpm
```

Idan TpmPresent da TpmReady duka True ne, an gama. Idan na farko True ne na biyu False, to yana nan, shiri ne bai kammala ba. Duba ko kwamfutar na tashi da UEFI, don TPM 2.0 ba ya tafiya da tsarin Legacy. In hakan daidai ne, sai a goge shi da Clear TPM.

Amma a nan nake son ka natsu. Gogewar tana share makullan da ke cikinsa har abada. Idan BitLocker, tsarin Windows na kulle fayiloli, na kunne, kwamfutar za ta nemi lambar ceto mai lambobi 48, in ba ka da ita kuwa, ka yi sallama da fayilolinka. Ka fara fito da ita, ka rubuta a takarda:

```
manage-bde -protectors -get C:
```

PIN ɗinka na shiga Windows shi ma zai daina aiki, don haka ka tabbatar kana tune da kalmar sirrinka.

Idan layin TPM ɗin ma babu shi sam a BIOS, zare caja, a cire batir, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a mayar da batir da caja, ka sabunta BIOS daga shafin HP, batir cike, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe allon da gaske. In kuma layin na nan amma ya ƙi taɓuwa, mai yiwuwa ma'aikatar da ta yi amfani da ita ce ta kulle BIOS da kalmar sirri. Wannan kam ka koma wurin wanda ya sayar maka. Sai duk waɗannan sun ci tura za mu yi maganar allo.